Fitar da matsakaici da makin tsakiya daga hotunan takardar sakamako: littafin aikina na zangon farko

Litinin, 9 ga Disamba 2024

An kammala makin jarrabawar zangon farko. Mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu ya ba ni aiki: yana son sanin inda 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare suka tsaya a darasin lissafi, kafin taron malamai na farkon zango na biyu. Azuzuwa uku ne, 2A da 2B da 2C. Lambobi biyu yake so a kowane aji. Na farko matsakaicin maki, wato a tara makin kowa a raba da yawan waɗanda suka zauna jarrabawar. Na biyu makin tsakiya, wato a jera makin daga ƙarami zuwa babba a ɗauki wanda ya faɗo daidai tsakiya, kamar yadda za a jera yara a layin asambili gwargwadon tsayi a duba wanda ke tsakiyar layin.

Manyan takardun sakamakon suna hannun malaman aji, domin da su suke cike katin kowane yaro, ba za su sake su yanzu ba. Abin da zan samu hotuna ne ta WhatsApp. Tsarin takardar tamu: lambar yaro, suna, gwajin farko maki 20, gwaji na biyu maki 20, jarrabawa maki 60, sai jimla 100.

Na karɓi yawan yaran kowane aji daga rajista kafin in kalli ko hoto ɗaya: 2A 64, 2B 61, 2C 43. Duka 168. Na rubuta su a bangon littafina, domin duk abin da zan kwafa daga hoto sai ya dawo ya yi daidai da waɗannan lambobin.

Laraba, 11 ga Disamba

Hotunan 2A sun iso, kuma ba za su yi aiki ba. Malamin ajin ya ɗauki takardar gaba ɗaya a hoto guda, da daddare, da fitilar waya. Tsakiyar takardar ta yi fari fat saboda hasken, ƙasanta kuma ya yi duhu. Ga shi ya riƙe wayar a karkace, saboda haka layukan suna gangarowa: idan ka bi layin yaro na 40 daga hagu, kafin ka kai gidan jimla a dama ka zame cikin layin na 41. Ƙari a kan haka, WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi a matsayin hoto na yau da kullum, don haka da na buɗe lambobin da yatsu sai suka dusashe, ba a bambance 3 da 8.

Na same shi a ɗakin malamai na ce, "Malam, don Allah a taimaka a sake ɗauka." Abin da na roƙa: a shimfiɗa takardar a kan tebur a danne kusurwoyinta, a ɗauka da rana a inuwa ba tare da fitila ba, wayar ta fuskanci takardar kai tsaye daga sama, kowane hoto kada ya wuce layi ashirin da biyar, kuma lambar yaro ta fito a kowane hoto. Sannan a turo ta hanyar `Document`, wadda ba ta matse hoton. Na kuma ce ya ninke wajen sunaye ko ya rufe shi da takarda. Lissafina ba ya buƙatar sunan kowa, kuma ba na son makin 'ya'yan mutane da sunayensu su riƙa yawo a wayoyi.

Na tura wa malaman 2B da 2C wannan roƙon tun kafin su ɗauki nasu. Na sayi data ta naira 1,000.

Alhamis, 12 ga Disamba

Sababbin hotunan 2A sun zo guda uku, suna karantuwa. Na buɗe jadawali a Google Sheets, kowane aji da shafinsa. Layukan tsaye: A lambar yaro, B gwajin farko, C gwaji na biyu, D jarrabawa, E jimla kamar yadda malami ya rubuta, F na bincike.

Wani zai ce tunda jimla kawai ake nema, me ya sa zan kwafi gwaji da jarrabawa, aiki ya ninka huɗu? Dalilin zai bayyana ranar da na fara bincike. Yau dai kwafi kawai. Ɗan bautar ƙasar da ke koyar da kimiyya ya karɓi hoto na biyu da na uku, ni na ɗauki na farko.

Asabar, 14 ga Disamba

Yau ce ranar da aikin ya nuna ainihin fuskarsa. Da muka haɗa kwafinmu, ban taɓa fomular matsakaici ba, sai na fara ƙirga layuka:

```
=COUNTA(A2:A100)
```

Ya ba ni 68. Rajista ta ce 64. Yara huɗu sun ƙaru daga sama. Dalilin kuwa mai sauƙi ne: don kada ya tsallake kowa, malamin ya bari ƙarshen hoton farko ya shiga farkon na biyu, wanda abu ne mai kyau, amma da yake mutum biyu ne suka kwafa, lamba 22 zuwa 25 sun shigo sau biyu. Na gano su da wannan, na ja ta har ƙasa, duk inda ta nuna 2 to maimaici ne:

```
=COUNTIF(A:A,A2)
```

Da ba mu kwafi lambar yaro ba, babu yadda za a yi a gane, domin a aji mai yara sittin da wani abu ba abin mamaki ba ne maki ɗaya ya fito sau biyu ko uku. Na goge huɗun, aka koma 64, daga layi na 2 zuwa na 65.

Sai bincike na biyu. A gidan F na sa jadawalin ya tara gwaji biyu da jarrabawa da kansa, ya cire jimlar da muka kwafa. Idan komai daidai ne, sifili zai fito:

```
=IF(ISNUMBER(E2),SUM(B2:D2)-E2,"")
```

Layuka biyu suka ƙi ba da sifili, kuma kowanne da irin ciwonsa.

Na farko ya nuna 60. Yaron yana da 16 da 17 da 45, wato 78, amma an kwafi 18. Na koma hoton: malamin yana rubuta 7 ba tare da karan tsakiya ba, kuma kan ya yi gajere har ya zama kamar 1. Wannan matsalar karatu ce, takardar ba ta da laifi, na gyara nan take.

Na biyu ya nuna -9. Yarinyar tana da 13 da 12 da 31, wato 56, amma a takardar an rubuta 65 ɓaro-ɓaro, babu wata tantama a hoton. A nan takardar ce da kanta ta yi kuskure, an juya lambobin. Akwai alamar da ke taimakawa wajen rarrabewa. Idan bambancin ya zama 9 ko 18 ko 27, abin da 9 ke rabawa, yawanci an juya lambobi biyu ne, domin duk lamba mai gida biyu idan aka juya ta bambancin sai 9 ta raba shi. Idan kuma bambancin 10 ne ko 20 ko 60, to lambar gomiya ce aka karanta ba daidai ba, ko mai tarawa ya manta da abin da ya ajiye a ka.

Wannan na biyun ban gyara shi da kaina ba. Ban sani ba ko jimlar ce daidai, makin jarrabawar ne aka rubuta 31 maimakon 40. Na kira malamin lissafi, ya duba takardar amsar yarinyar, ya tabbatar 31 ne. Jimla 56 ke nan. Ya sanar da malamin aji kafin a miƙa katinta.

Ya kamata in rubuta iyakar wannan binciken don kada in dogara da shi fiye da ƙima. Yana kama kuskuren karatu da kuskuren tarawa. Ba ya kama makin da malami ya kwafa ba daidai ba tun daga takardar amsa, in dai ya tara shi daidai. Ba ya kuma kama kuskure biyu da suka rufe wa juna asiri a layi ɗaya, ko da yake wannan da wuya ya faru.

Talata, 17 ga Disamba

An gama 2A. Yara biyar an rubuta musu ABS a gidan jarrabawa da na jimla, ba su zo ba. Saura 59. Na tabbatar jadawalin ma 59 yake gani, sannan na yi lissafin:

```
=COUNT(E2:E65)
=SUM(E2:E65)
=AVERAGE(E2:E65)
=MEDIAN(E2:E65)
```

Amsoshi: 59, sai 2818, sai 47.76, sai 45.

Ba na miƙa lambar da ban iya samowa ta wata hanyar ba, saboda haka da yamma na zauna da biro na sake yi da hannu. Jera maki 59 daga ƙarami zuwa babba kai tsaye yana da wahala, ido yana tsallake. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a rubuta gomiyoyi a tsaye a gefen hagu, a bi takardar sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa, kowane maki a jefa lambarsa ta ƙarshe a gaban gomiyarsa. Bayan nan sai a jera kowane layi shi kaɗai, wanda ba ya wuce lambobi goma sha biyar. Ga abin da ya fito, lambar ƙarshe a dama ita ce yawan yaran da aka ƙirga zuwa wannan layin:

```
1 | 2 5 8                            3
2 | 1 3 4 6 8 9                      9
3 | 0 1 3 4 5 5 6 7 8 8 9           20
4 | 0 0 1 2 2 3 4 4 5 5 6 7 8 8 9   35
5 | 0 1 2 2 4 5 6 7 8 9             45
6 | 0 2 3 5 6 8                     51
7 | 1 3 4 8                         55
8 | 2 5 8                           58
9 | 3                               59
```

Ƙirgar ta ƙare a 59, alamar ba a yar da kowa ba. Tunda 59 mara ce, akwai yaro ɗaya tak a tsakiya: a ƙara 1 a raba biyu, ya ba da na 30, da mutum 29 a ƙasansa da 29 a samansa. Zuwa ƙarshen layin talatin an ƙirga 20, don haka na 30 shi ne na goma a layin arba'in. Na ƙirga: 40, 40, 41, 42, 42, 43, 44, 44, 45, 45. Makin tsakiya 45, daidai da jadawali.

Jimlar ma a nan ta fi sauƙin samu. Layin arba'in misali yara 15 ne, 15 sau 40 ya ba da 600, ƙananan lambobin sun tara 64, jimla 664. Haka na bi sauran: 45, 151, 386, 664, 544, 384, 296, 255, 93. Sun haɗa 2818. A raba da 59, 47.76.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne tazarar da ke tsakanin lambobin biyu. Matsakaici ya ɗara makin tsakiya da kusan uku, kuma zanen da ke sama ya nuna dalili: akwai wutsiya mai tsawo a ɓangaren manyan maki. Yara huɗu masu 82 da 85 da 88 da 93 su ne suka ja shi sama. Idan aka ajiye su gefe, jimla ta koma 2470, yara 55, matsakaici 44.91. Wato wanda ya ji "matsakaicin 2A kusan 48 ne" zai ɗauka yaro na tsaka-tsaki a ajin yana nan wajen, alhali 32 cikin 59 suna ƙasa da shi.

Na kuma gwada komawa da 78 ɗin nan zuwa 18 don in ga irin ɓarnar da ta so yi. Matsakaici ya sauka da 60 a raba da 59, wato 1.02, ya koma 46.75. Makin tsakiya bai motsa ba, yana nan 45, domin yaro ɗaya ne kawai ya ƙaura daga sama zuwa ƙasa, tsakiyar ta matsa da mutum ɗaya, kuma maƙwabcin ma 45 yake da shi.

Laraba, 18 ga Disamba

Kwafin 2B. Babu wuta tun jiya, na ba da cajin waya a shago, naira 200.

Juma'a, 20 ga Disamba

An ba da hutu yau, kuma 2B ta tsaya a kan abubuwa biyu.

Na farko shi ne sifili. Malamar ajin ba ta rubuta ABS ba. Yara huɗu suna da 0 a gidan jarrabawa, jimlarsu kuma makin gwajinsu ne kawai: 19, 24, 11 da 14. Ga jadawali wannan babban bambanci ne. `AVERAGE` da `MEDIAN` suna tsallake gidan da babu komai da wanda ke ɗauke da rubutu irin ABS, amma sifili lamba ce, suna ƙirga ta. Don in ga girman abin na gwada a kan 2A, wadda na riga na san amsarta: na mai da ABS biyar ɗin nan sifili. Jimla ba ta canja ba, 2818, amma yanzu da 64 ake rabawa, matsakaici ya faɗo 44.03. Makin tsakiya kuwa daga 45 ya koma 44. Ɗaya ya yi asarar kusan huɗu, ɗayan ya yi asarar ɗaya. Idan aka lissafa 2A babu waɗanda ba su zo ba, 2B kuma da su a ciki, kwatanta azuzuwan biyu zalunci ne ga malamar da ta rubuta sifili.

Ra'ayina shi ne yaron da bai zauna jarrabawa ba, ba a san abin da ya iya ba, kuma sifili yana cewa an gwada shi bai iya komai ba. Wannan ba gaskiya ba ne. Rashin zuwa matsala ce mai zaman kanta, a ba da adadinta daban. Na faɗa wa mataimakin shugaba haka kafin ya tafi, ya amince a bi wannan ƙa'idar a duka azuzuwan uku.

Sai dai ba kowane sifili ne rashin zuwa ba. Na nemi takardar da yara suka sa hannu ranar jarrabawar. Uku ba su zo ba, masu 19 da 24 da 11. Na huɗun ya zo, ya zauna, ya sa hannu, bai ci komai ba. Shi ya tsaya a lissafi da 14 ɗinsa. Ukun na mai da su ABS, na rubuta dalili a gefe. Waɗanda suka zauna a 2B: 58.

Na biyu shi ne ninki. An taɓa ninke takardar a tsakiya, kuma tawadar ta goge a wurin, har jimlar yara uku ba ta karantuwa. Biyu daga ciki gwajinsu da jarrabawarsu sun fito, sai na tara da kaina. A nan wahalar kwafe layuka huɗu ta sake biyan kuɗinta. Na ukun ninkin ya ci jimlarsa ya kuma ci rabin makin jarrabawarsa. Ana ganin gwaji 14 da 15, wato 29, sannan a jarrabawa lambar ƙarshe 6 ce, ta farkon ta ɓace. Malamar ta riga ta kama hanyar garinsu, takardun amsa kuma suna kulle a ofis.

Litinin, 23 ga Disamba

Maimakon in yi wa yaron nan ƙiyasi, na lissafa iyakar abin da makinsa zai iya yi wa sakamakon. Jarrabawa ba ta wuce 60, lambar ƙarshe 6 ce, to ko dai 6, 16, 26, 36, 46 ko 56. Jimlarsa ke nan tana tsakanin 35 da 85. Sauran yara 57 sun tara 2922. Idan 35 ne, 2957 a raba da 58, 50.98. Idan 85 ne, 3007 a raba da 58, 51.84. Duk yadda ta kaya, matsakaici ba zai fita daga nan ba, tazarar ba ta kai maki ɗaya ba.

Makin tsakiya ya fi ba da aiki. Yara 58 cika ne, babu mutum ɗaya a tsakiya, sai a ɗauki na 29 da na 30 a tara a raba biyu. A cikin 57 da na sani, na 28 yana da 51, na 29 yana da 52, na 30 yana da 54. Idan yaron ya faɗo ƙasa, da 35 ko 45, zai tura kowa gaba da mataki ɗaya, tsakiyar ta zama 51 da 52, amsa 51.5. Idan ya faɗo sama, daga 55 zuwa 85, tsakiyar ta zama 52 da 54, amsa 53. Abin lura shi ne ga makin tsakiya duk ɗaya ne ko 55 ya ci ko 85, tambayar kawai ita ce wane ɓangare ya faɗa.

Ana yawan cewa makin tsakiya ba ya jin kuskure, kuma a 2A haka aka gani. Amma a nan shi ne ya fi lilo, 1.5, alhali matsakaici 0.86 kawai ya yi. Makin tsakiya yana tsalle ne gwargwadon giɓin da ke tsakanin yaran da ke tsakiyar layi. Inda suka cunkushe a kan maki ɗaya, ba ya motsi. Inda akwai giɓi, mutum ɗaya ya isa ya ɗaga shi.

Na rubuta iyakokin biyu a shafin 2B, na bar gidan yaron da launin rawaya sai an dawo.

Asabar, 28 ga Disamba

Takardar 2C da kwamfuta aka buga ta, don haka ɗan bautar ƙasa ya yi amfani da hanyar da waya ke kwafo rubutu daga hoto, ya zuba a jadawali. Ya yi sauri ƙwarai, kuma da ido komai lafiya. Layuka 43, daidai da rajista, biyu ABS, saura 41. `AVERAGE` ya ba da 38.05.

Amma `COUNT` ya ce 39. Mutum biyu sun ɓace ba tare da wani gargaɗi ba. Na bi layin E da ido sai na ga, ban da na ABS, gidaje biyu sun jingina da hagu alhali sauran suna dama. Jadawali yana ajiye lamba a dama, rubutu a hagu, matuƙar ba a canja masa tsari ba. Ɗaya `6O` ne, da harafin O maimakon sifili. Ɗayan `5l`, da ƙaramin harafin L maimakon 1. A ƙaramin allon waya ba a ganin bambancin. Jadawalin ya ɗauke su kamar ABS, ya tsallake su, ya raba 1484 da 39. Fomular binciken da ke gidan F ma ba ta yi ƙara ba, domin na tsara ta ta bar gidan babu komai idan jimla ba lamba ba ce. Ƙirgar ce kaɗai ta tona su.

Na sake buga 60 da 51 da hannu. Jimla 1595, yara 41, matsakaici 38.90. Makin tsakiya shi ne na 21, wato 37. Na bi gidajen gwaji da jarrabawa na 2C da irin wannan ƙirgar, na sami wani harafin O guda a gwaji na biyu, na gyara.

Daga yau, a kowane shafi, adadin da `COUNT` ya bayar da adadin ABS dole su haɗu su ba da abin da rajista ta ce. Na sa wannan a saman kowane shafi: 59 da 5, 64. Sai 41 da 2, 43.

Litinin, 6 ga Janairu 2025

An koma makaranta. Malamar 2B ta ciro takardar amsar yaron: 36 ya ci, jimla 65. Jimlar aji 2987, a raba da 58, matsakaici 51.50. Makin tsakiya 53, kuma babu yaro ko ɗaya a ajin da ya ci 53, haka lissafin yake idan adadi cika ne. Da an bar ukun nan da ba su zo ba da makin gwajinsu, da matsakaicin ya zama 3041 a raba da 61, wato 49.85.

A 2B makin tsakiya ne ya fi matsakaici, akasin 2A. Wutsiyar tana ƙasa: yawancin ajin suna tafiya tare a hamsin da wani abu zuwa sittin, 'yan kaɗan kuma sun faɗi ƙasa sosai suna jan matsakaici. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne ya kamata a nema da suna.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na kai wa mataimakin shugaba sakamakon. Ya duba, ya ɗauki kalkuleta, ya tara 47.76 da 51.50 da 38.90 ya raba uku, ya ce matsakaicin azuzuwan uku gaba ɗaya 46.05 ke nan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da azuzuwan yawansu ɗaya ne da haka ne. Amma 2C yara 41 ne, 2A kuma 59. Idan aka raba uku, an ba yaron 2C nauyi fiye da na 2A." Hanyar ita ce a koma ga jimloli: 2818 da 2987 da 1595 sun ba da 7400. Yaran da suka zauna, 59 da 58 da 41, su 158 ne. A raba, 46.84. Bambancin bai kai maki ɗaya ba a wannan karon, amma zai girma duk lokacin da ƙaramin aji ya yi nisa da sauran.

Makin tsakiya kuwa ba ya haɗuwa ko ta wannan hanyar. Daga 45 da 53 da 37 ba za a iya fitar da na duka ba, ko da an san yawan kowane aji. Sai an zuba makin yara 158 wuri ɗaya an sake jerawa:

```
=MEDIAN('2A'!E2:E65,'2B'!E2:E62,'2C'!E2:E44)
```

Ya ba da 45.5. Na tabbatar ta hanyar ƙirga masu 45 zuwa ƙasa: 30 a 2A, 20 a 2B, 29 a 2C, duka 79. Na 79 yana da 45, na 80 yana da 46. Ya ce ai tara ukun a raba uku ma 45 yake bayarwa, kusan ɗaya ne. Na ce dace ne kawai, saboda 2A ta zauna a tsakiya, sauran biyun kuma sun yi mata nisa iri ɗaya, takwas sama takwas ƙasa. A wani darasin ba za a samu haka ba.

A takardar da za a raba a taron malamai, kowane aji yana da lambobi biyar a layi ɗaya: yawan rajista, waɗanda suka zauna, waɗanda ba su zo ba, matsakaici, da makin tsakiya. Na dage kada a cire ukun farko don taƙaitawa. Matsakaici na bar shi da lamba ɗaya bayan ɗigo, 47.8 da 51.5 da 38.9, na duka 46.8, domin maki cikakku ne ake bayarwa, lamba ta biyu ba ta ƙara wa mai karatu komai. Buga kwafi ashirin, naira 1,000.

Asabar, 11 ga Janairu

An ƙara mini Turanci da kimiyya na waɗannan azuzuwan. Na kwafi jadawalin babu maki, da fomulolin bincike a ciki, na ƙara gida ɗaya a sama da zai yi ja idan ƙirga ba ta yi daidai da rajista ba. Gidan F ma na canja shi, yanzu yana rubuta "duba" idan abin da ke E ba lamba ba ne kuma ba ABS ba.

Tunda an gama cike katuna, manyan takardun sun dawo ofis. Ranar Litinin zan ɗauki hotunan Turanci da kaina, in haɗa da takardar sa hannun jarrabawa ta kowane aji tun daga farko. Zan kuma roƙa a taron malamai a tsayar da ƙa'ida ɗaya kafin jarrabawar zango na biyu: wanda bai zo ba a rubuta masa ABS, sifili kuma a bar wa wanda ya zauna.